Darasi na Tara: Gina Siffofi da Kara, Takarda da Yumɓu

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Magini yana duban ɗaki ya ce wannan kusurwa ta karkace, tela yana duban yadi ya ce ba a yanka shi daidai ba, kuma sau da yawa maganarsu takan zama gaskiya. Sai dai ƙima ba awo ba ce. A wannan darasi za mu gina siffofi da hannunmu, kuma kowace muka gina za mu nemi hanyar gwada ta, yadda ba sai mun dogara da ido kaɗai ba. Wanda ya iya waɗannan ayyuka zai iya fitar da harsashin ɗaki ba tare da ya karkace ba, zai kuma iya zaunar da ɗansa ko jikarsa ya nuna musu farkon ilimin siffofi da abin da ke cikin gida.

Kayan aiki

Kowane ɗalibi ya zo da tsinken tsintsiya masu ƙarfi kamar guda talatin, ko sillen kara busasshe wanda bai lanƙwashe ba. A zo da totuwar kara, wato farin cikinsa mai laushi, irin wanda yara ke haɗa motar kara da shi. Sai curin yumɓu kamar girman dunƙulen hannu biyu, da fallayen takarda, ko da tsofaffin da aka gama rubutu a kansu ne, da almakashi, da zare, da fensir, da rula ko tef ɗin tela. Idan rula ta yi ƙaranci a aji, a auna kara ɗaya a yi masa tsaga a kowace santimita, mutum uku ko huɗu su yi amfani da shi.

Aiki na farko: tsinke uku da tsinke huɗu

Ku yanka tsinke huɗu, kowanne santimita 10. Ku jera su gefe da gefe ku tabbatar kawunansu sun zo ɗaya, domin tsinke guda da ya ɗara 'yan uwansa da rabin santimita ya isa ya ɓata aikin. Ku yanka totuwa ƙanana guda huɗu, ku soke tsinkayen a cikinsu har su rufe zagaye. Kowane tsinke shi ne gefe, kowace mahaɗa ita ce kusurwa. Abin da kuka samu siffa ce mai gefe huɗu da kusurwa huɗu.

Ku kwantar da ita a ƙasa, ku riƙe tsinken ƙasa da yatsa, ku tura na sama zuwa dama a hankali. Za ta bi hannunku. Tsinkayen ba su ƙaru ba, ba su ragu ba, kowanne yana nan a santimita 10, amma siffar ta sauya: kusurwa biyu sun matse, biyu sun buɗe. Ku riƙe wannan da kyau, domin shi ne kuskuren da ya fi yawa wajen masu fitar da gini. Mutum ya auna gefe huɗu ya ga sun yi daidai, sai ya ɗauka ya samu murabba'i. Bai samu ba tukuna. Murabba'i yana da sharaɗi biyu: gefensa huɗu su zama tsawo ɗaya, kusurwoyinsa huɗu kuma su zama tsayayyu, kamar haɗuwar bango da daɓe a ɗakin da aka gina da kyau.

Yanzu ku cire tsinke ɗaya da totuwa ɗaya, ku haɗa ukun da suka rage. Wannan ita ce alwatika. Ku tura ta kamar yadda kuka tura ta farko. Ba za ta motsa ba, sai dai tsinke ya karye ko ya zame daga totuwarsa. Dalili kuwa shi ne, da zarar an tsayar da tsawon gefe uku, siffa ɗaya ce tak za ta iya fita daga cikinsu. Kowa a ajin nan da ya haɗa tsinke uku masu santimita 10 zai samu alwatika iri ɗaya da ta maƙwabcinsa, a ɗora wannan kan waccan su dace.

Ku mayar da mai gefe huɗun, ku daidaita ta gwargwadon yadda ido ya ba ku, sannan ku yanka tsinke na biyar ku gitta shi daga kusurwa ɗaya zuwa wadda ke fuskantarta. Zai kai santimita 14 da ɗan ɗoriya. A wannan littafi za mu riƙa kiran irin wannan layi layin ƙetare. Ku sake turawa. Ta tsaya cak, saboda tsinken nan ya raba ta gida biyu, kowane gida alwatika. Wannan ne ya sa kafinta yake gitta katako a bayan ƙyauren langa-langa, mai walda yake gitta ƙarfe a jikin get, katakon rufin kwano kuma duk alwatika ne a jere. Ƙyauren da ba a yi masa haka ba, bayan 'yan watanni za ku ga bakinsa ya sauka yana jan ƙasa.

Akwai wani gwaji ɗan ƙarami kafin mu bar tsinke. Ba kowane tsinke uku ne ke yin alwatika ba. Ku yanka mai santimita 5, da mai 6, da mai 15. Ku kwantar da dogon, ku kafa gajerun biyu a kawunansa, ku nemi haɗa bakinsu. Ba za su haɗu ba, domin 5 da 6 sun tashi 11, dogon kuwa 15 ne. Ku gwada 5 da 10 da 15: za su haɗu, amma a kwance a jikin dogon, babu fili a tsakani. Ƙa'idar ita ce, gajerun biyu idan an haɗa tsawonsu dole su fi dogon.

Aiki na biyu: tsayayyiyar kusurwa daga takarda

Mun ce murabba'i yana buƙatar tsayayyun kusurwoyi. To da me za mu gwada su? Kafinta yana da ƙarfensa mai kama da gwiwar hannu, amma kowa zai iya yin nasa da yagaggiyar takarda. Ku ɗauki takarda kowace iri, ko da bakinta ba a miƙe yake ba. Ku ninka ta sau ɗaya, ku murje ninkin da farce. Layin da ya fito miƙaƙƙe ne. Ku sake ninkawa, amma wannan karon ku tabbatar layin ninkin farko ya kwanta daidai a kan kansa, rabi a kan rabi. Kusurwar da ta fito a mahaɗar ninki biyun ita ce tsayayyiyar kusurwa.

Ku buɗe takardar ku duba. Layi biyu sun gitta juna, sun raba filin da ke kewaye da mahaɗarsu gida huɗu, kuma gidajen daidai suke tunda a kan juna suka kwanta. Masu lissafi sun raba cikakken zagaye gida 360, suna kiran kowane gida digiri. Kashi ɗaya cikin huɗu na 360 shi ne 90. Saboda haka tsayayyiyar kusurwa digiri 90 ce, biyu daga cikinta kuma, wato 180, su ne miƙaƙƙen layi.

Ku zaga da takardar nan cikin aji. Ku sa ta a kusurwar allo, da ta taga, da ta benci, da ta littafi. Inda ta zauna ɗaf, kusurwar tsayayya ce. Inda haske ya ratsa tsakani, kusurwar ta fi 90. Inda takardar ta ƙi shiga sai an lanƙwasa ta, kusurwar ba ta kai ba. Idan takardarku ta ce duk kusurwoyin ajin sun karkace, laifin daga ninki na biyu yake, ku sake shi.

Yanzu mu fitar da murabba'i. Takardar da ake buga wasiƙa da ita a ofis faɗinta santimita 21 ne, tsawonta 29.7. Kusurwoyinta huɗu tsayayyu ne, amma gefunanta biyu sun fi biyu tsawo, irin wannan ake kira mustaɗili. Ku kama kusurwar sama ta hagu, ku ninko ta har gajeren gefen ya kwanta a kan dogon gefen dama, baki da baki. Za a bar wani siririn yanki a ƙasa. Ku yanke shi ku ajiye, zai yi mana amfani nan gaba. Abin da ya rage idan kun buɗe murabba'i ne mai santimita 21 a kowane gefe, ga layin ƙetare ɗaya ya riga ya fito. Ku ninka ɗaya ƙetaren, ku auna su biyun. Tsawonsu ɗaya ne, kuma sun haɗu a tsakiyar juna. Ku koma ga tsinkayenku huɗu, ku cire na biyar, ku tura su su karkace, ku auna nasu ƙetaren da zare: ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Kun samu ma'auni na biyu ke nan, kuma ya fi na takarda amfani idan abin da ake gwadawa babba ne.

Sai gwajin da ya fi kowanne jan hankalin ɗalibai. Kowa ya zana alwatika irin wadda ya ga dama, doguwa ko gajera, siririya ko mai faɗi, amma da rula, layukan su miƙe. Ku yanke ta, ku sa alama a kusurwoyinta uku, sannan ku yage kusurwoyin da hannu. Yagewa ta fi yankewa, don kada ku rikita bakin almakashi da ainihin kusurwar. Ku ja miƙaƙƙen layi a takarda, ku jera kusurwoyin uku a kansa, tsininsu a wuri ɗaya, gefe yana taɓa gefe. Za su cika layin daidai, ba ragi ba ƙari. Na kowa haka zai fito, duk da cewa babu alwatika biyu iri ɗaya a ajin. Kusurwoyin alwatika uku idan an tara su digiri 180 ne. Gwajin takarda nuni ne kawai, cikakkiyar hujjarsa tana zuwa a darasin layuka masu tafiya kafaɗa da kafaɗa, amma wanda ya gani da idonsa sau goma ba ya mantawa.

Misali: fitar da ɗaki mai mita 4 da mita 3

Bari mu fita da abin da muka koya zuwa fili. A ce mutum zai gina ɗaki mai tsawon mita 4 da faɗin mita 3. Takardar ninki ta yi ƙanƙanta a nan, domin kuskuren da bai kai kaurin tsinke ba a bakin takarda, kafin a kai ƙarshen mita 4 ya zama babba. Abin da magina ke yi shi ne su kafa alwatika mai gefe 3 da 4 da 5. Duk alwatikar da gefunanta suke a wannan lissafi, kusurwar da ke tsakanin 3 da 4 tsayayya ce. Dalilin yana cikin ƙa'idar da ake jingina wa Fisagoras, masanin ƙasar Girka: 3 sau 3 tara ne, 4 sau 4 sha shida ne, a haɗa su a samu 25, wanda shi ne 5 sau 5.

Ku fara gwadawa a aji da tsinke mai santimita 15, da mai 20, da mai 25, wato kowane adadi an ninka shi sau biyar. Ku kwantar da su a ƙasa baki da baki, ba tare da totuwa ba, ku sa takardar ninkinku a kusurwar da ke fuskantar dogon. Za ta zauna ɗaf.

A fili kuwa ga yadda ake yi. A kafa turke na farko inda kusurwar ɗakin za ta kasance. A ja igiya ta inda ake son dogon bangon ya bi, a auna mita 4, a kafa turke na biyu. A buga ƙusa a kan kowane turke, daga ƙusa ake awo, ba daga jikin turke ba. Mutum ɗaya ya riƙe tef daga ƙusar farko a kan mita 3, wani ya riƙe daga ƙusa ta biyu a kan mita 5, su matso har alamomin biyu su haɗu, tef duka biyun a miƙe. Nan ne wurin turke na uku. Turke na huɗu kuma yana inda mita 4 daga na uku ta haɗu da mita 3 daga na biyu.

Kafin a sa diga a ƙasa, a auna ƙetare biyun. Kowanne ya kamata ya ba da mita 5. A ce an auna sai aka samu ɗaya mita 5 da santimita 10, ɗayan mita 4 da santimita 90, alhali gefuna huɗun duk suna daidai. Wannan ɗaki ya yi abin da tsinkayenmu huɗu suka yi, ya zame gefe guda. Bambancin santimita 20 tsakanin ƙetaren biyu yana nufin bangon baya ya goce da kimanin santimita 12 daga inda ya kamata. A fili ido ba zai kama wannan ba. Ranar da za a gane ita ce ranar shimfiɗa tayil, lokacin da layin da ya fara da cikakken tayil mai santimita 40 zai ƙare an yanke kusan sulusinsa, ko ranar da kafinta zai ɗora kwano ya ga bakinsa yana fita kamar haƙoran zarto. Gyaran tun a matakin turke ba ya cin ko sisi: a bar turke na ɗaya da na biyu a inda suke, a matsar da na uku da na huɗu tare, zuwa ɓangaren da zai rage dogon ƙetaren, a yi ta aunawa har biyun su zo ɗaya.

Abu biyu ke ɓata wannan awo. Na farko igiya mai miƙewa, irin ta roba, wadda tsawonta ke sauyawa gwargwadon ƙarfin mai ja. Na biyu dogaro da ƙetare kaɗai. Ɗakin da bangon gabansa ya fi na baya tsawo zai iya ba da ƙetare biyu daidai, amma ba mustaɗili ba ne. Sai an haɗa duka biyun: gefunan da ke fuskantar juna su zama ɗaya, ƙetare biyu su zama ɗaya.

Aiki na uku: zayyana mai rufe fili

Ku dubi tabarma, ko faifai, ko aikin hula, ko adon da magina suka yi a fuskar tsofaffin gidajen Kano da Zariya. Akasarinsu siffa ɗaya ce ko biyu ake ta maimaitawa. Tambayarmu ita ce, waɗanne siffofi ne za a jera su rufe fili ba tare da gibi ba, ba tare da wata ta hau kan wata ba?

Ku ninka takarda sau uku don ta zama rufi takwas, ku zana alwatika kowace iri a sama, ku yanke gaba ɗaya. Kun samu alwatika takwas iri ɗaya. Ku sa wa kusurwoyin kowacce lamba 1, 2, 3, kusurwa iri ɗaya lamba iri ɗaya. Ku jera shida a kewaye da ɗigo ɗaya, yadda kowace lamba za ta zo ɗigon sau biyu, gefe mai tsawo ɗaya yana manne da ɗan uwansa. Za su rufe zagayen. Ba abin mamaki ba ne ga wanda ya yi gwajin yage kusurwa: 1 da 2 da 3 sun ba da 180, sau biyu kuma 360. Sirrin zayyana ke nan. A duk mahaɗa, kusurwoyin da suka taru dole su cika 360.

Murabba'i yana cikawa, domin 90 sau huɗu 360 ne. Alwatika mai gefe uku daidai kowace kusurwarta 60 ce, guda shida suna cikawa, kuma shidan nan idan sun haɗu suna fitar da siffa mai gefe shida, irin ta saƙar zuma. Ita kuma kusurwarta 120 ce, uku sun isa.

Mai gefe biyar fa? Ku ɗauko siririn yankin da kuka ajiye, ku tsaga shi ta tsawonsa gida uku, ku manna biyu baki da baki don ya yi tsawo. Ku ƙulla shi ƙulli ɗaya sako-sako, kamar za ku ƙulla igiya, ku riƙa ja a hankali kuna dannawa har ƙullin ya kwanta sumul ba tare da ya cukuikuye ba. Ku yanke wutsiyoyin biyu. Ƙullin ya zama siffa mai gefe biyar daidai. Ku zana kewayenta a kan takarda mai rufi huɗu ku yanke. Ku jera uku a ɗigo ɗaya: gibi zai rage. Ku gwada cusa ta huɗu: za ta hau kan 'yan uwanta. Kusurwar wannan siffa digiri 108 ce. Uku sun ba da 324, saura 36 a cika zagaye, huɗu kuma sun wuce. Shi ya sa ba za ku ga an daɓe tsakar gida da ita ita kaɗai ba.

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana kayar da masu sana'a. Ga murabba'i mai santimita 10, ana son wanda filinsa ya ninka wannan sau biyu. Amsar da ke fara zuwa baki ita ce a yi mai santimita 20. Ku yanka mai 20 ɗin, ku jera ƙananan a kansa: huɗu zai ci, ba biyu ba. Ga hanyar da ta dace. Ku yanka murabba'i biyu masu santimita 10, ku raba kowanne ta layin ƙetare, ku samu alwatika huɗu. Ku haɗa tsayayyun kusurwoyinsu huɗu a tsakiya. Sabon murabba'i ya fito, takarda ba ta ragu ba, ba ta ƙaru ba, gefensa kuwa santimita 14 ne da ɗan ɗoriya, wato tsawon ƙetaren ƙaramin. Wannan irin aiki na yankawa da haɗawa ba wasan yara ba ne kawai. Abul Wafa'i Albuzjani, masanin lissafi da ya rayu a Bagadaza ya rasu wajen shekarar 998, ya rubuta littafi musamman don masu sana'a a kan abin da suke buƙata na ilimin siffofi, kuma a ciki ya yi bayanin yadda ake yanka murabba'ai a haɗa su su zama babba guda.

Aiki na huɗu: yumɓu

Duk abin da muka yi zuwa yanzu a kwance yake. Da yumɓu za mu tashi tsaye. A tsince tsakuwa daga cikinsa, a kwaɓa shi har ya daina manne wa hannu. Idan an murza shi kamar igiya aka lanƙwasa ya tsattsage, ruwa ya yi kaɗan ko yashi ya yi yawa. Idan yana zubewa ya kasa riƙe siffarsa, ruwa ya yi yawa, a bar shi ya sha iska.

Ku mulmula ƙananan curi takwas kamar girman gyaɗa mai ɓawo, ku yanka tsinke goma sha biyu masu santimita 6. Gajerun tsinke sun fi, domin dogaye nauyin yumɓun yana rinjayarsu. Ku haɗa murabba'i a ƙasa da tsinke huɗu, ku kafa huɗu a tsaye, ku rufe sama da huɗun da suka rage. Wannan ƙashin akwati ne mai gefe daidai, irin siffar ɗan ludo. Da ƙyar zai tsaya, kuna sakinsa zai fara kishingiɗa, saboda fuskokinsa shida duk masu gefe huɗu ne. Ku gina wani da curi huɗu da tsinke shida: alwatika a ƙasa, tsinke uku su tashi su haɗu a sama. Wannan dala ce mai fuska huɗu, kuma za ku iya ɗaga ta da yatsa biyu ba ta sauya ba.

Ku ƙirga. Akwatin yana da kusurwa 8, fuska 6, gefe 12. Ku haɗa kusurwa da fuska, ku cire gefe: 8 da 6 sun zama 14, a cire 12, saura 2. Dalar tana da kusurwa 4, fuska 4, gefe 6, saura 2. Masanin lissafi Leonhard Euler, ɗan ƙasar Suwizalan, ya lura da wannan a shekarar 1750. Wannan lissafi yana aiki ga duk dunƙulen da fuskokinsa shimfiɗaɗɗu ne, wanda ba shi da rami da ya huda shi. Amfaninsa gare mu a nan shi ne gwada ƙirga: wanda ya samu 1 ko 3 ya tsallake wani abu a ƙirgar, ko ya ƙirga abu ɗaya sau biyu.

Yanzu ku yi akwatin da yumɓu zalla, santimita 4 kowane gefe. Kada ku gyara shi da yatsa, ku riƙa buga kowace fuska a kan benci mai santsi, kuna gwada kusurwoyin da takardar ninki. Ku ja zare tsakanin hannu biyu ku yanka shi ta tsakiya, sau ɗaya daga sama, sau ɗaya ta gicciye, sau ɗaya a kwance. Ƙananan akwatuna takwas za su fito, kowanne santimita 2. Gefe ya ninku sau biyu, amma ciki ya ninku sau takwas. Wanda zai haƙa ramin tara ruwa ya ce a ninka masa tsawo da faɗi da zurfi, ya sani kuɗin haƙa takwas zai biya.

Abin da kuke son ajiyewa ku shanya shi a inuwa, kuna juya shi. Rana tana busar da bayansa kafin cikinsa, sai ya tsage. Yumɓu kuma yana ƙanƙancewa idan ya bushe. Don ku san yadda na garinku yake, ku shimfiɗa ɗan fanke, ku ja layi mai santimita 10 a kansa tun yana ɗanye, ku sake aunawa bayan ya bushe sarai.

Idan za ku koya wa yara

Friedrich Froebel, Bajamushen da ya kafa makarantar ƙananan yara a garin Bad Blankenburg, da irin waɗannan kaya ya yi aiki: ninkin takarda, da yumɓu, da tsinkayen da ake haɗawa da jiƙaƙƙen wake. Yaron da ya iya motar kara ya riga ya yi rabin tafiyar. Ku bar shi ya gina kafin ku gaya masa suna. Kada ku riƙa nuna masa alwatika kullum a zaune a kan gindinta, tsininta a sama, domin ranar da ya gan ta a kife zai ce ba ita ba ce. Ku juya masa murabba'i ya tsaya a kan kusurwa, ku tambaye shi ko ya sauya, ku ba shi takardar ninki ya gwada da kansa. Yaran da ba su kai shekara shida ba, babba ya yi musu yankan, a kuma dakushe bakin tsinke.

Ayyukan gida

1. Waɗanne ne daga cikin waɗannan za su yi alwatika: 7, 8, 12, ko 4, 4, 9, ko 6, 6, 6? Ku faɗi amsa tukuna, sannan ku gwada da tsinke.
2. Kusurwa biyu na wata alwatika digiri 90 ne da 35. Nawa ce ta ukun?
3. Ku auna gefuna huɗu da ƙetare biyu na ɗakin da kuke kwana, ku rubuta abin da kuka samu.
4. Shago mai tsawon mita 8 da faɗin mita 6, nawa ƙetarensa ya kamata ya zama?
5. Ku gina dala mai gindin murabba'i da tsinke da yumɓu, ku ƙirga kusurwa da fuska da gefe, ku gwada lissafin Euler.
6. Ku yanka siffa mai gefe huɗu wadda babu gefenta biyu da suka yi daidai, guda takwas iri ɗaya, ku gwada ko za su rufe fili.

Ku zo da fanken yumɓunku busasshe a zama na gaba, tare da igiya mai mita 2 da turke ɗaya, domin a tsakar makaranta za mu zana da'ira.